Ma'aunin Riba da Rabon Jari Idan Kuɗi Sun Yi Kaɗan

Ma'aunin riba yana nuna abin da kowace naira ta jari za ta dawo da shi. Ana lissafa darajar da kuɗin da aiki zai kawo nan gaba suke da ita a yau, sannan a raba da jarin farko. Idan sakamakon ya haura 1, aikin yana da riba.

A ce kamfani yana da naira miliyan 10 kacal. Injin casar shinkafa zai ci miliyan 6 ya dawo da 9, ma'auninsa 1.5. Rumbun ajiya zai ci 5 ya dawo da 7, wato 1.4, motar dakon kaya kuwa 5 ta dawo da 6.5, wato 1.3.

Injin ne kan gaba, amma ba a sayen rabin mota ko rabin rumbu. Wanda ya zaɓi injin zai sami ribar miliyan 3, sauran miliyan 4 kuma su zauna ba aiki. Rumbu da mota tare suna cinye jarin duka, su ba da ribar miliyan 3.5.

Ragowar kuɗi mai yawa ita ce alamar cewa jerin ma'aunin ya yi ɓatan kai. A nan sai a gwada kowane haɗin ayyuka da jarin zai iya ɗauka, a zaɓi wanda jimillar ribarsa ta fi yawa.