Yadda ake haɗa sabuwar PlayStation 5 da talabijin

Wanda ya sayo sabuwar PlayStation 5 yakan ƙosa ya ga hoto a talabijin, amma aikin ranar farko ya fi dogara ga abu biyu da ba sa cikin kwali: wutar da ba za ta ɗauke ba na kusan awa guda, da intanet mai ƙarfi. Idan babu su, gara a bar kwalin a rufe har sai sun samu.

Da ka buɗe, ka duba kaya kafin ka jefar da komai. Akwai na'urar kanta, da hannun wasa mai suna DualSense, da igiyar wuta, da igiyar HDMI, da igiyar USB. Samfurin farko na 2020 yana zuwa da gindin da ake ɗaura masa, a tsaye ko a kwance. Siririn samfurin 2023 kuwa ƙafafu biyu ne kawai na kwantarwa, mai son tsayar da shi sai ya sayi gindi daban. Ajiye ta inda iska ke ratsawa, da tazarar aƙalla santimita 10 daga bango. Rufaffiyar durowar talabijin ba wurinta ba ce, balle a watan zafi.

Sai jona igiyoyi. Na'urar tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka ko daga Amurka aka kawo ta ba ta buƙatar taransifoma. Bakin filogi ne kawai zai iya saɓawa da soket, adafta mai kyau ta wadatar. Yi amfani da igiyar HDMI da ta zo a kwalin, kada ka ɗauko ta tsohuwar dikoda, domin ita aka yi don ɗaukar hoto mai nauyi. Lura da lambar ramin da ka sa ta a bayan talabijin, ka zaɓi wannan lambar da maɓallin Source ko Input na rimot. Yawancin masu cewa sabuwar na'ura ba ta nuna hoto, a nan suka ɓata: igiya tana HDMI 2, talabijin tana kallon HDMI 1.

Danna maɓallin kunnawa. Fitilar na'urar za ta yi shuɗi, sannan ta koma fara. Jona hannun da igiyar USB ka danna maɓallin PS da ke tsakiyarsa, ta haka suke sanin juna, daga nan sai a ci gaba ba igiya. Za ta tambaye ka harshe, ta sa ka daidaita gefunan hoto da haskensa, ta nemi intanet. Idan akwai halin jawo waya daga rauta, ta fi Wi-Fi tabbas. Mai siririn samfurin da ke cin faifai ya sani cewa sai da intanet ake yi wa maciyin faifan rajista a karon farko, in ba haka ba faifai ba zai yi aiki ba.

Yanzu aka zo wurin da ake kuka. Na'urar za ta ce akwai sabuwar manhaja, ta sauke ta, ta girka, ta sake kunna kanta. Fayil ɗin yakan haura gigabait ɗaya, mai amfani da datar waya ya yi lissafi. Idan intanet ya yanke ana saukewa, da sauƙi, sai a sake. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa ita ce matsala, domin tana iya lalata manhajar, na'urar ta ƙi tashi. Shi ya sa a ganina inbata ko janareta mai isasshen mai ya fi wutar NEPA a wannan aiki, ko da an kawo ta da ƙarfinta. Ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, kada ka cire filogi.

Idan abin ya riga ya faru, ko intanet ɗin gida ba zai ja ba, akwai hanyar filashi. A kwamfuta, ka tsara filashin a kan FAT32 ko exFAT, ka sauke fayil ɗin daga shafin PlayStation, ka jera shi haka, da manyan baƙaƙe:

```
PS5/UPDATE/PS5UPDATE.PUP
```

Kashe na'urar gaba ɗaya, fitilar ruwan lemo na nufin barci take yi, ba ta mutu ba. Sa filashin, riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu bayan kamar daƙiƙa bakwai. Wannan shi ne Safe Mode. Jona hannun da igiya, danna PS, zaɓi Update System Software, sannan ka nuna mata filashin. Idan ta ce ba ta ga fayil ba, duba sunan: kwamfuta kan liƙa masa (1) idan an sauke shi sau biyu. Kada kuma ka zaɓi layin da ke ɗauke da Reinstall sai in komai ya ci tura, domin shi yana goge duk abin da ke cikin na'urar.