Daga littafin wurin gini zuwa teburin manaja

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin da ake ajiyewa a wurin gini ya san kamanninsa: bango ya sha siminti, shafi ya jiƙe da gumi, rubutu kuma an yi shi ne a tsaye, ana yi ana yi wa direban tifa tsawa. Manajan aikin yana ofis, wataƙila da gine-gine uku ko huɗu a wuyansa. Abin da yake jira da yamma shafi ɗaya ne da zai gaya masa inda aka kwana da abin da ake so ya yanke.

A ɗauki misalin ranar zuba dekin a wani bene a Kano, cikin damina. Ga abin da mai kula da aikin ya rubuta: "Siminti 100 ya zo. Inji ya mutu 11 da wani abu. An gyara. Ruwa ya sauko. Ba a gama ba."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma manaja ba zai iya yin komai da shi ba. Don haka mai rubuta rahoto yakan fara da cike giɓi tun mutane ba su watse ba. Mai injin kwaɓa kankare ya ce bel ne ya tsinke da ƙarfe 11:10, aka tashe shi da ƙarfe 1:00. Hoton da aka ɗauka a waya ya nuna ruwa ya kece da 3:30. Takardar sunaye ta nuna mutum 26: birkiloli 4, kafintoci 3, masu ɗaurin rodi 2, leburori 16 da mai inji.

Sai a auna aikin da tef. Dekin yana da tsawon mita 10, faɗin mita 8, kaurin santimita 15, wato kankare mita kubik 12. An zuba kashi biyu cikin uku, mita kubik 8 ke nan, daga gefen gabas zuwa bakin matakala. Wannan jimla ita ce ke maye gurbin "ba a gama ba".

A nan ne lissafi ke tona abin da littafin ya ɓoye. Kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yakan ci wajen buhu shida da rabi mai kilo 50 a kowace mita kubik. Mita 8 ya kamata ta ci kusan buhu 52. Amma sito ya wayi gari da buhu 20, an kawo 100, da yamma saura 58. An fitar da 62 ke nan. Ina goma suka shiga? Ƙila kwaɓin da ke cikin inji ya daskare lokacin da bel ya tsinke, ƙila ruwa ya taɓa wasu buhuna, ƙila an kai wa masu ɗora bulo a ƙasa. Rahoto mai kyau ba ya ɗora wa kowa sata. Yakan ce akwai bambancin buhu 10, mai sito zai kawo bayani gobe da safe.

Tsarin shafin kuma yakan kifar da na littafin. Littafi yana bin agogo, rahoto yana bin nauyin magana. Bayan kwanan wata da yanayin sama, abin da ke buƙatar hukuncin manaja shi ne a sama: kankaren ya tsaya a tsakiyar dekin, kuma sabon da za a zuba gobe zai haɗu da wanda ya riga ya kama. Ana buƙatar injiniya ya duba mahaɗar kafin ƙarfe 8:00, domin idan ba a karce fuskarta an wanke ba, nan ne ruwa zai riƙa yoyo. Daga nan sai aikin da aka yi, ma'aikata, kayan da suka shigo da lambar takardarsu, sannan sa'o'in da aka rasa: awa ɗaya da minti 50 saboda inji, sauran yinin saboda ruwa.

Raba waɗannan dalilai biyu yana da alaƙa da kuɗi. Lalacewar inji yawanci nauyin ɗan kwangila ce, ruwan da ya wuce na al'ada kuwa yana iya zama hujjar neman ƙarin lokaci. A tsarin kwangila na FIDIC, ɗan kwangila yana da kwana 28 ya ba da sanarwar irin wannan buƙata, kuma rubutun da aka yi a ranar shi ake dubawa. Shi ya sa ba a yage shafin littafi ko a goge shi bayan an tsara rahoto.

Layin ƙarshe na aikin gobe ne: a ci gaba da shayar da kankaren da ruwa har kwana bakwai, a kawo bel na ajiya, a rubuta kwanan wata a jikin samfuran da aka ɗiba don gwajin ƙarfi na kwana 7 da na 28. Mai kula da aikin ya sa hannu, ya haɗa da hotuna uku, na mahaɗar kankare da na bel da na sito, ya tura kafin magariba.