FASHIN BAƘI: Yadda buhun masara ke zama jinginar bashin banki, da yadda ake sa masa ido

Shekara da shekaru, amsar da ɗan kasuwa ke samu idan ya nemi rance a bankunan Najeriya ɗaya ce: ya kawo takardar shaidar mallakar fili ko gida. Ko da ya mallaki filin, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a jinginar da shi, abin da kan ci watanni da kuɗi. Saboda haka ake samun mai hatsin miliyoyin naira jibge a sito a kasuwar Dawanau ta Kano, amma a idon banki ba shi da abin jingina.

Domin cike wannan giɓi ne Babban Bankin Najeriya ya buɗe rajistar kadarorin jingina ta ƙasa a 2016. A watan Mayun 2017 kuma Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan dokar da ta tsara jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, kamar hajar sito, dabbobi da injuna. Sai dai doka hanya kawai ta share. Banki ne ke yanke ko nawa kayan suka kai, kuma lissafinsa ya sha bamban da na mai kaya.

Abin da banki ke tambayar kansa

Mai kaya yana duban ribar da zai ci idan farashi ya tashi da bazara. Banki kuwa yana tambayar abin da zai samu idan bashi ya gagara biya, dole ta sa shi sayar da kayan cikin gaggawa, a lokacin da kasuwa ta san a matse yake. Wannan ya sa ya fi son haja irin su masara, riɗi ko waken suya, waɗanda farashinsu sananne ne kuma masu saye ba sa yankewa. Atamfar da yayinta ya wuce ko tumatirin da ba ya kwana uku ba su da wannan daraja.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya ajiye buhu 2,000 na masara, ya sayi kowane a kan naira 40,000, yau kuma kasuwa na sayarwa 45,000. A lissafinsa yana da kayan naira miliyan 90.

Matakin farko, banki zai ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin saye da farashin kasuwa, wato 40,000, domin ribar da ba a ci ba tukuna ba abin dogaro ba ce. Na biyu, zai aiko masu duba inganci su auna nauyi da danshi. Masarar da za ta daɗe a ajiye ana son danshinta kada ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari, in ba haka ba ta yi funfuna. Idan aka tarar buhu 200 sun yi danshi ko ƙwari sun fara cinsu, za a fitar da su daga lissafi. Saura buhu 1,800, wato naira miliyan 72.

Mataki na uku shi ne ragi. Banki ba ya ba da rancen da ya kai darajar kayan duka. A ce ya amince da kashi 60 cikin ɗari: abin da ɗan kasuwar zai karɓa shi ne naira miliyan 43.2, ƙasa da rabin abin da yake ganin ya mallaka. Ragowar kashi 40 garkuwa ce ga banki daga faɗuwar farashi, raguwar nauyi, kuɗin sito da ɗawainiyar gwanjo.

Idan farashi ya faɗi

Ƙimar ba ta tsayawa a ranar da aka sa hannu. Banki na bibiyar farashi, yana sake lissafi. Idan buhu ya sauko zuwa naira 30,000, kayan sun koma miliyan 54, kashi 60 ɗinsu kuma miliyan 32.4. Ke nan bashin ya zarce iyaka da naira miliyan 10.8. Za a nemi ɗan kasuwar ya biya wannan kuɗi, ko ya ƙaro buhu 600 masu inganci, ko a fara sayar da kayansa a daidai lokacin da farashi ya fi muni.

A nan ne manufofin gwamnati ke shiga cikin sito. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma farashin hatsi ya sauka sosai a 2025. Magidanci ya samu sauƙi, amma ga wanda ya jinginar da hatsinsa, irin wannan sauyi na nufin kiran waya daga banki.

Wa ke riƙe da makullin sito?

Fili ba ya tashi daga inda yake, amma ana iya kwashe sito a dare ɗaya. Don haka bankuna kan ƙulla yarjejeniya ta ɓangarori uku: banki, mai kaya, da kamfani mai zaman kansa da zai tsare kayan. Kamfanin ne ke riƙe makulli, ya ƙidaya buhuna, ya ba da takardar shaidar ajiya, ya riƙa aika wa banki rahoto. Buhu ba ya fita sai da rubutaccen izinin banki. A misalin da ya gabata, kafin a saki buhu 100 sai an biya naira miliyan 2.4, ta yadda bashi ke raguwa tare da kaya. Ana kuma yi wa kayan inshorar gobara da sata, da sharaɗin banki ne zai karɓi diyya.

Inda aka bar kayan a hannun mai su yana saye da sayarwa, kamar a masana'anta, banki na dogara ne da rahoton wata-wata da ziyarar ba-zata. Alamomin da ke tayar masa da hankali sun haɗa da kaya na ƙaruwa a takarda alhali ciniki na raguwa, kuɗin ciniki sun daina shiga asusun da aka amince, ko mai kaya ya fara kawo uzuri duk ranar ƙidaya.

Yadda ake damfarar bankuna

A 1963 asirin wani ɗan kasuwar man girki a jihar New Jersey ta Amurka, Anthony De Angelis, ya tonu. Ya ci bashi mai yawa da takardun ajiyar mai, alhali yawancin tankunansa ruwa ne, mai kaɗan na yawo a sama, inda masu duba kaya ke zura ma'auninsu. Kamfanin American Express, wanda reshensa ya ba da takardun, ya tafka asara mai yawa. Irin wannan dabara a sito ita ce jera buhuna masu kyau a gaba, a bar rami ko buhunan ƙaiƙayi a tsakiya. Shi ya sa mai duba kaya na gaskiya ke sa a rushe tari, ya ɗebi samfuri daga ciki.

Damfara ta biyu ita ce jinginar da kaya ɗaya ga bankuna da yawa, kamar yadda aka gano a tashar jiragen ruwa ta Qingdao a ƙasar Sin a 2014, inda aka yi ta karɓar rance da ƙarafa iri ɗaya. Wannan ce matsalar da rajistar ƙasa ta zo magancewa: banki zai bincika kafin ya ba da kuɗi, kuma wanda ya riga yin rajista shi ke da fifiko idan rigima ta taso.

Amma rajista na nuna wanda ke da haƙƙi ne kawai, ba ta tabbatar da cewa masarar na nan. Dukkan ɗawainiyar tsaro, gwaji da inshora kuwa a kan mai cin bashi take komawa, ƙari a kan kuɗin ruwa. Mai buhu 2,000 zai iya ɗauka. Mai buhu 50 ba zai iya ba, sai dai su haɗa kayansu a sito guda ta ƙungiyar gama kai. Muddin babu wadatattun rumbunan ajiya da bankuna suka amince da takardunsu, da kotunan da ke yanke rigimar bashi da wuri, manyan 'yan kasuwa ne za su fi cin moriyar dokar 2017.