Ta Kwashe Kayanta, Amma Sunanta Na Nan: Yadda Ake Sauya Suna A Takardar Hayar Haɗaka A Ingila

A Kano ko Zariya, idan ɗalibai uku suka haɗa kuɗi suka kama gida, yawanci sunan mutum ɗaya ake rubutawa a rasit, a biya kuɗin shekara a dunƙule. Ranar da ɗaya zai tashi, sai ya yi sallama da 'yan uwansa, ya miƙa makulli, magana ta ƙare. Da wannan sabon ne yaranmu da yawa suke sauka a Ingila don karatu ko aiki, kuma shi ne yake jefa su cikin bashin da ba su ci ba. A can, fitar mutum daga gida ba ta fitar da sunansa daga takarda, kuma sunan da ke takarda shi doka ta sani.

Mu ɗauki misali don abin ya fito fili. Mata uku ɗalibai sun kama gida mai ɗaki uku a Manchesta, fam 1,500 a wata, kowacce tana kawo 500. Takarda ɗaya suka sa wa hannu su ukun, suka kuma ajiye fam 1,500 na jingina, wanda za a mayar musu idan sun bar gidan lafiya lau. Bayan wata bakwai sai babbar cikinsu ta samu aiki a Landan. Ta ɗaure akwatunanta, ta ajiye makulli a kan teburin kicin, ta ce wa ƙaramarsu, "Ƙanwata, ga wata ƙawata tana neman ɗaki, ku ba ta nawa kawai, ba sai an dami mai gida ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Sai dai wannan shawara tana iya cutar da su duka huɗun.

Dalili shi ne, a hayar haɗaka doka ba ta san rabon kowa ba. Wannan 500 ɗin tsari ne tsakaninsu. A idon mai gida, kowace ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da nauyin fam 1,500 ɗin gaba ɗaya. Idan sabuwar da aka shigo da ita ta daina biya, mai gida ba zai bi ta ba, don bai san da ita ba. Zai bi biyun da suka rage, ko ya bi wadda take Landan, ko ya bi duk wanda ya tsaya wa ɗayansu lamuni, domin takardun lamuni da yawa suna ɗora wa mai tsayawar bashin gidan duka, ba na ɗiyarsa kaɗai ba. Ita kuma sabuwar, tana biyan kuɗi amma ba ta da wata takarda tsakaninta da mai gida, kuma kasancewarta a gidan ba da izini ba na iya zama karya yarjejeniya, wanda mai gida zai iya kafa hujja da shi a kan sauran.

Akwai wani tarko na biyu, wanda mai gaskiya ne ya fi faɗawa cikinsa. Mai tafiya za ta ce, to bari in yi abin da ya dace, in rubuta wa mai gida sanarwar barin haya. Idan hayar ta wata-wata ce, wadda ba ta da ranar ƙarewa, wannan sanarwa ta mutum ɗaya tana kashe hayar kowa da kowa. Majalisar Dattawan Birtaniya, a lokacin da take zaman kotun ƙoli, ta tabbatar da haka a 1991, a shari'ar ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham da wani mutum mai suna Monk. Matar da suka kama gidan tare ta fita ta ba da sanarwa ba da yardarsa ba, kotu kuma ta ce hayarsa shi ma ta ƙare. Wannan hukunci ya ƙara nauyi yanzu, domin dokar haƙƙin masu haya ta 2025 ta mai da yawancin hayar gidajen 'yan kasuwa a Ingila ta wata-wata daga 1 ga Mayu 2026, inda mai haya yake ba da sanarwar wata biyu. Saboda haka kada mai tafiya ta aika wannan sanarwa sai ta zauna da 'yan uwanta, kuma an san matsayin mai gida a rubuce.

Hanyar da ta dace ita ce su rubuta wasiƙa ɗaya, dukansu su sa suna, su aika wa mai gida ko dillalin da ke kula da gidan ta imel, tun da sauran makonni kafin ranar tashi. Wasiƙar ta faɗi wadda za ta fita da ranar fitarta, ta faɗi wadda ake so ta maye gurbinta da abin da take yi, ta kuma bayyana ƙarara cewa wannan roƙo ne na sauya suna, ba sanarwar barin haya ba ce. Wannan jimla ta ƙarshe ƙarama ce, amma ita ce take tsare rufin da ke kan sauran biyun. Su sani kuma roƙo suke yi. Galibi babu abin da ke tilasta wa mai gida ya yarda, sai abin da takardar hayar tasu ta tanada, don haka su karanta ta da kyau kafin su rubuta. Abin da yake sa mai gida ya sassauto shi ne a kawo masa mutum mai shaidar samun kuɗi, a nuna masa ɗakin ba zai kwana ko wata ɗaya babu mai biya ba.

Idan ya amince, zai bincika sabuwar. Zai nemi shaidar albashi ko ta tallafin karatu, wataƙila da mai tsaya mata. Dole ne kuma ya duba ko tana da izinin zama a ƙasar, domin dokar shige da fice ta 2014 ta ɗora wa masu gidaje a Ingila wannan aiki. Mai biza takan ciro lambar tantancewa daga shafin gwamnati ta ba shi ya duba.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko, a bar tsohuwar yarjejeniya da ranta, a yi takardar miƙa haya: ukun farko su miƙa wa sababbin ukun, wato biyun da suka rage da sabuwar, kowa ya sa hannu a gaban shaida, mai gida ya sa nasa na amincewa. Kuɗin haya da sharuɗɗa suna nan yadda suke, kuma daga ranar nauyin hayar gaba ya sauka daga wuyan mai tafiya. Ta biyu, a rufe tsohuwar haya da yardar kowa, a buɗe sabuwa. Wannan ta fi tsabta, amma tana buɗe wa mai gida ƙofar ƙara kuɗi, don sabon ciniki ne. Idan dillali ya kawo sabuwar takarda, su duba adadin hayar kafin komai. Abin da bai wadatar ba shi ne saƙon waya mai cewa "ba matsala", ko a ja layi da biro a kan tsohon suna a rubuta sabo a samansa. Alamar cewa an gama aiki ita ce takarda mai kwanan wata, da sa hannun kowa, kowa kuma yana riƙe da kwafinsa.

Nawa ake biya? Dokar kuɗaɗen masu haya ta 2019 ta ƙayyade fam 50 don irin wannan sauyi, sai fa idan mai gida ya nuna shaidar cewa abin da ya kashe bisa ƙa'ida ya wuce haka. Idan dillali ya ce fam 250, su nemi ya rubuto musu abin da aka kashe filla-filla. Ba a kuma yarda a caje su kuɗin binciken sabuwar mai haya daban ba.

Inda zumunci ya fi lalacewa shi ne kuɗin jingina. A Ingila mai gida ba ya riƙe shi yadda ya ga dama. Dole ya yi masa rajista cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, waɗanda sunayensu a intanet su ne Deposit Protection Service, mydeposits da Tenancy Deposit Scheme. Kuɗin ɗaya ne a kan gidan duka, kuma ba kasafai ake sakin wani yanki nasa a tsakiyar haya ba. Shi ya sa aka saba sabuwar ta biya mai tafiya rabonta hannu da hannu, ita kuma ta gaji gurbinta a rajista.

A nan ne ya kamata sabuwar ta buɗe ido. A ɗakin da za ta shiga, kusa da taga, akwai ƙunar dutsen guga a kan kafet, an ɗora kwandon wanki a kai. Idan ta miƙa fam 500 cif ba ta ɗaga kwandon ba, to ta sayi wannan ƙunar, domin ranar barin gida da takardar lissafin kaya ta ranar farko za a gwada, ba da ranar shigarta ba. Abin yi shi ne su huɗun su zagaya gidan riƙe da waccan takardar, su ɗauki hotuna, su tambayi mai gida kimar gyaran. Idan ya ce fam 120, sai sabuwar ta ba mai tafiya 380, su rubuta, su sa hannu. Ranar da aka cire 120 daga jinginar, 380 ɗin da ta bayar ne zai dawo mata, babu wanda aka zalunta. Bayan haka su tabbatar mai gida ya gyara sunayen a wajen hukumar. Takardar shaidar rajistar ita ce za ta nuna musu. Idan har tsohon suna ne a kanta, aikin da saura.

Ragowar ƙananan abubuwa ne, amma suna da tsada idan an manta. A karanta mitar wuta da ta gas ranar tashi, a cire sunan mai tafiya daga asusun kamfanonin. A kuma kula da harajin ƙaramar hukuma: gidan da ɗalibai na cikakken lokaci zalla suke ciki ba ya biya, amma idan sabuwar ma'aikaciya ce, haraji ya hau gidan, ko da yake ana rage kashi 25 cikin 100 idan ita kaɗai ce ba ɗaliba ba. Gara ta san da wannan kafin ta sa hannu. Wanda zai kama gida a Sukotlan ko Wels kuma ya nemi dokar can, don ta bambanta da ta Ingila.

Na san abin da yake hana mutanenmu yin duk wannan: kunya. Muna jin nauyin mu ce wa 'yar uwa ta sa hannu, kamar mun zarge ta da rashin amana. Amma Hausawa ne suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wadda ta tafi Landan ba za ta ji zafin takardar da aka sa ta rattaba wa hannu yau ba. Abin da zai raba su har abada shi ne wasiƙar neman bashin fam 1,500 da za ta iske ta bayan shekara, a kan gidan da ta riga ta manta launin ƙofarsa. Don haka kada makulli ya bar kan teburin kicin ya shiga hannun kowa sai takarda ta dawo da sa hannun mai gida.