Kafin ka tura hoton ƙurji ta salula: me za a yanke, me za a bari?

Duk mun san yadda abin ke tafiya yanzu. Ƙurji ya fito wa yaro, likita na da nisa, sai a ɗauki hoto a tura wa ɗan uwa ta WhatsApp, ko ya aiko da kuɗin magani, ko ya nuna wa wani ma'aikacin lafiya da ya sani. Niyyar mai kyau ce. Sai dai sau da yawa hoton yana ɗauke da abin da ya fi ƙurjin yawa, kuma in ya bar hannunka ba ka da iko da shi.

Mu ɗauki misali

A ce wata budurwa ce da aka sa wa ranar aure, wani farin tabo ya fito mata a kafaɗa. Innarta ta ɗauke ta hoto a tsakar gida ta tura wa wanta da ke Abijan. A hoton ana ganin rabin fuskarta da zanen gidansu a kumatu, ana ganin ɗan kunnenta da atamfar da ta ɗaura, ga rumbu da ƙofar gidan a bayanta. Wan bai san ciwon ba, sai ya jefa hoton cikin gurup ɗin 'yan garinsu yana tambaya ko akwai wanda ya san magani. Wani ya rubuta cewa wannan ya yi kama da kuturta.

To, gurup ɗaya na WhatsApp yana iya ɗaukar mutum sama da 1,000, kuma salula da yawa suna ajiye hoton da ya shigo kai tsaye cikin ma'ajiyar hotuna. Kafin la'asar maganar ta isa gidan surukai. Ko da daga baya aka gane kyasbi ne kawai, wanda ake magancewa da man shafawa, magana zarar bunu ce.

Abin lura shi ne, hoto ba ya iya raba kyasbi da kuturta da tabbaci. Ma'aikacin lafiya yana taɓa tabon da ɗan auduga ya ga ko mutum na ji ko wurin ya mutu, ya kuma lalubi jijiyoyi. Sai an je da jiki. In ma kuturtar ce, ana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma kyauta ake ba da shi. Ke nan an yi asarar sirrin yarinya a kan tambayar da gurup ba ya iya amsawa.

Abin da mai duba ciwo yake buƙata

Hoto biyu sun isa. Na farko a matso kusa, tazarar kamar taƙi ɗaya ko biyu, ciwon ya cika hoton, da ɗan lafiyayyen fata a kewaye. A ajiye dala ashirin a gefe don a gane girman ciwon. Na biyu a ɗan ja baya, yadda za a gane hannu ne ko ƙafa ko baya, ba tare da kai ya shigo ba. A ɗauka da rana a cikin inuwa, a shimfiɗa zane marar ado a baya.

Sauran bayani da baki ne: shekarun mai ciwo, namiji ko mace, kwana nawa da fitowa, yana ƙaiƙayi ko zafi, akwai zazzaɓi, ko wani a gidan na da irinsa, kamar yadda ƙazuwa ke bin gida. Suna, sunan mahaifi da sunan gari ba su ƙara wa mai dubawa komai.

Abin da za a fitar

Fuska ce ta farko. Kuma kada mu ruɗi kanmu da rufe idanu da baƙin layi: a ƙauye ana gane mutum da zanen fuska, da wushirya, da tsohon tabo. In ciwon a fuska yake, a matso sosai har kumatu ko goshi kawai ya fito.

Sai kayan jiki. A cire zobe, awarwaro, ɗan kunne da laya kafin a ɗauka, a kauce wa lalle da zanen anko, don wanda ya je bikin zai gane mai shi. A duba bayan hoton ma: ƙofar gida, babur da lambarsa, yara masu leƙe. Haka katin likita, takardar magani ko katin awon ciki, dukansu suna ɗauke da suna, kada su shigo.

Akwai wurin da ba a ɗauka sam: al'aura, ɗuwawu da ƙirjin mace, musamman na yara. Ko da niyyar neman magani ne, irin wannan hoton in ya faɗa hannun mugu ya zama abin cin zarafi ko na karɓar kuɗi da barazana. Wannan ciwon, a kai shi CSI ko asibitin gunduma a duba da ido.

Abin da ido ba ya gani

Salula mai GPS tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, tare da rana da lokaci. A shiga saitin kyamara a kashe "Localisation". In aka tura a matsayin hoto ta WhatsApp, wannan bayanin yakan goge, amma in aka tura ta "Document" yana tafiya da shi.

Ana iya datse gefen hoto da "Rogner" kafin a tura, amma na asali yana nan cikin salular. Mun san yadda salula ɗaya ke yawo a gida, ta kwana wurin mai caji, ta je wurin mai gyara ko mai sa waƙoƙi a kati. Don haka bayan an tura, a goge na asali, a duba "Corbeille" a goge shi can ma. Ya fi sauƙi tun farko a ɗauka a matse.

Lokacin turawa, a taɓa alamar 1 da ke gefen wurin rubutu, wato "Vue unique". Hoton zai buɗu sau ɗaya, ba a iya tura shi gaba. Amma mai son ɓarna yana iya ɗaukar fuskar salular da wata salula. Shi kuwa "Supprimer pour tout le monde" kwana biyu kacal yake aiki, kuma ba ya dawo da abin da aka riga aka tura wa wasu.

Izini da doka

Jikin mutum nasa ne. Matarka ce, ƙanwarka ce ko tsohonka, ka tambaye shi, ka nuna masa hoton, ka faɗa masa wanda za a tura wa. A Nijar akwai dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma bayanin lafiya na cikin waɗanda aka fi tsananta wa kariya. Wanda aka watsa hotonsa ba da yardarsa ba yana iya kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda. Kada ya goge saƙonnin, su ne shaida.

Ku kuma 'yan uwa da ke waje, hoton da aka turo muku daga gida amana ce. Ku nuna wa ma'aikacin lafiya guda da kuka sani da ido, ba gurup ba, ba Facebook ba, ba mai tallar magani a TikTok ba. In an samu amsa, ku goge. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya rufa mana asiri duka.