Yadda ake gyara makin aji guda ba tare da an taɓa matsayin kowa ba

Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san cewa hannun malamai ba ɗaya ba ne wajen ba da maki. Wani yana da sakin hannu, amsar da ta kusa daidai ma sai ya ba ta cikakken maki. Wani kuma da ƙyar ɗalibinsa mafi ƙwazo ke haura 60 cikin 100. Muddin makin bai fita daga aji ba, babu wanda aka cuta. Matsalar tana tasowa ne ranar da za a jera makin makarantu ɗaruruwa a takarda ɗaya, a ce da shi za a raba guraben jami'a. A nan 80 ɗin wannan makaranta ba 80 ɗin waccan ba ce, kamar yadda mudun wata kasuwa yake fin na wata ciki alhali duka sunansu mudu.

Mu ma abin ya shafe mu, tun da hukumar WAEC tana karɓar makin gwaje-gwajen da ake yi a cikin makaranta ta haɗa da na jarrabawarta. Sai dai tsarin da za mu duba a nan na jihar New South Wales ne ta ƙasar Ostireliya, domin a can an bayyana wa iyaye da ɗalibai ƙa'idojin aikin filla-filla. Jarrabawar kammala sakandare a jihar sunanta HSC, kuma hukumar NESA ce ke shirya ta. A yawancin darussa, rabin makin ɗalibi daga ayyukan da makarantarsa ta ba shi yake fitowa, ɗaya rabin kuma daga jarrabawar ƙarshe wadda dukkan ɗaliban jihar ke rubutawa.

Hukumar ta gina aikinta a kan wata fahimta mai sauƙi. Malamin da ya shekara da yara ya fi kowa sanin wanda ya fi wani a cikinsu, da kuma girman tazarar da ke tsakaninsu. Abin da ba zai iya sani ba shi ne inda ajinsa ya tsaya idan an gwada shi da sauran azuzuwan jihar. Jarrabawar ƙarshe ce ke iya faɗin wannan, domin tambayoyi iri ɗaya kowa ya amsa, kuma da ma'auni ɗaya aka duba takardun. Saboda haka sai a karɓi jeri da tazara daga hannun malami, a karɓi tsayin maki daga jarrabawa. Wannan shi ne daidaita makin makaranta.

Ƙa'idoji uku ake bi ga ɗaliban kowane darasi a kowace makaranta. Makin makaranta mafi girma ana mayar da shi daidai da maki mafi girma da wani ɗan ajin ya ci a jarrabawa, ko wane ne shi. Jimillar makin makaranta bayan gyara dole ta zo daidai da jimillar makin da ajin ya ci a jarrabawa. Sannan maki mafi ƙanƙanta ana kai shi kan mafi ƙanƙantar makin jarrabawa, gwargwadon yadda lissafin ya ba da dama.

Bari mu ƙaddara aji mai ɗalibai biyar. Malaminsu mai sakin hannu ne, ya ba su 90, 88, 80, 72 da 70, jimilla 400. Da suka shiga jarrabawa, ta ɗaya a aji ta ci 74, na biyu ya ci 80, ta uku 58, na huɗu 40, na biyar 48. Jimilla 300 ke nan. Jarrabawa ta nuna abu biyu: makin malamin ya yi sama da yawa, kuma ya matse yaran wuri ɗaya, domin a hannunsa maki 20 ne tsakanin na sama da na ƙasa, a jarrabawa kuwa 40 ne.

Yanzu sai gyara. Maki 90 ya koma 80, maki 70 ya koma 40. Tun da tazarar 20 ta zama 40, kowane maki ɗaya na malami ya zama biyu ke nan. Mai 88 yana ƙasa da ta ɗaya da maki 2, don haka zai sauka da 4, ya sami 76. Mai 80 ta koma 60, mai 72 ya koma 44. Idan aka tara 80, 76, 60, 44 da 40 za a sami 300 cif, daidai da abin da ajin ya ci a jarrabawa. Na ɗaya tana nan a na ɗaya, na biyar yana nan a na biyar. Biyun da ke sama har yanzu suna dab da juna, haka biyun da ke ƙasa, ta tsakiya kuma tana tsakiyarta.

Dalilin da ya sa jerin bai motsa ba shi ne doka ɗaya aka yi wa kowa, kuma doka ce wadda babban maki ba ya taɓa fitowa daga cikinta ƙasa da ƙarami. Na zaɓi alƙaluman ne yadda gyaran zai tafi a miƙe. A aji na gaske ƙa'idojin uku ba safai suke haɗuwa a kan miƙaƙƙen layi ba, shi ya sa hukumar ke amfani da layi mai ɗan lanƙwasa. Da shi wani sashe na ajin kan motsa fiye da wani, amma layin hawa yake yi kullum, don haka babu mai tsallake na gabansa.

Da a ce malamin mai tsauri ne, ya ba yaran nan 60, 58, 50, 42 da 40, kuma suka ci abin da suka ci a jarrabawa, bayan gyara 80, 76, 60, 44 da 40 ɗin nan dai za su samu. Sakin hannu bai ƙara wa kowa komai ba, tsauri ma bai rage wa kowa ba.

Akwai wata ji-ta-ji-ta da ke yawo tsakanin ɗalibai a can, wai wanda ya zo na biyu a aji ana ba shi maki na biyu mafi girma na jarrabawa, wato musayar maki ake yi. Misalinmu ya nuna ba haka ba ne. Maki na biyu a jarrabawa 74 ne, amma na biyu a aji 76 ya samu, saboda kusancinsa da ta ɗaya a idon malami. Makin jarrabawar kowa kuma nasa ne, ba a ba wa wani. Idan aka haɗa rabi da rabi, ta ɗaya za ta tashi da 77, na biyu da 78, ta uku 59, na huɗu 42, na biyar 44. Ga shi na biyu ya wuce ta ɗaya, na biyar ya wuce na huɗu, amma ƙoƙarinsu a zauren jarrabawa ne ya jawo haka. Gyaran bai sauya jerin malami ba.

Inda tsarin ke da rauni shi ne makomar ɗan aji tana ɗaure da ta abokansa. Idan ta uku ta wayi gari da zazzaɓi ta ci 38 a maimakon 58, jimillar ajin za ta faɗo zuwa 280, mafi ƙanƙantar maki ma ya sauka, kuma waɗanda ba su yi laifin komai ba za su ji a jikinsu. A aji mai mutum ɗari ba za a lura ba, amma a aji mai mutum biyar illar babba ce. Don haka hukumar kan ware wanda makin jarrabawarsa ya faɗi ƙasa ƙwarai da abin da aka sa rai, a yi lissafin sauran ba tare da shi ba, sannan a mayar da shi gurbinsa a jeri. Haka kuma idan malami ya ba mutum biyu maki ɗaya a saman aji, ana haɗa manyan makin jarrabawa biyu a raba musu. A misalinmu 80 da 74 za su ba kowannensu 77.

Babban abin lura shi ne gyaran ba ya warkar da jerin da aka yi ba daidai ba. Idan an yi kuskure wajen tara maki, ko an fifita wani yaro, lissafin zai ɗauki kuskuren ya kai shi har takardar sakamako. Shi ya sa bayan kammala jarrabawa ake nuna wa kowane ɗalibi matsayin da makarantarsa ta aika, kuma yana da damar neman a sake dubawa idan bai yi daidai da sakamakon ayyukansa na shekara ba.

Aiki na biyu na cibiyar UAC ne, wadda ke kula da neman gurbin jami'o'i. Tambayarta daban ce: yaya za a gwada 70 a lissafi mai zurfi da 70 a wani darasin da wasu ɗalibai daban suka ɗauka? Sai ta ɗora darussan a kan sikeli ɗaya. Tana duba yadda ɗaliban kowane darasi suka yi a dukkan sauran darussansu. Idan masu wani darasi sun yi fice a duk inda suka shiga, to zama a tsakiyarsu ba ƙaramin aiki ba ne, sai a ɗaga matsakaicin makin darasin. Idan ba haka ba, a sauke shi. Ƙarfin waɗanda suka zauna darasin a wannan shekarar ake aunawa, ba sunan darasin ba. Daga nan a tara maki a kan 500, a fitar da ATAR, wanda matsayi ne da ke ƙarewa a 99.95.

A nan ma jerin cikin darasi ba ya motsi: wanda ya fi ka a kimiyyar sinadarai kafin a hau sikeli, ya fi ka bayan an sauka. Amma alƙawarin ya tsaya ne a cikin darasi. Mutum biyu da suka ɗauki darussa daban-daban, jimillarsu ta zo ɗaya kafin awo, suna iya rabuwa bayansa, kuma da ma don haka aka yi awon.

Kiyaye jeri kaɗai bai isa a kira tsari mai adalci ba, kuma abin da ya faru a Ingila a 2020 ya tabbatar da haka. Annobar korona ta hana rubuta jarrabawa, sai hukumar Ofqual ta karɓi jerin ɗalibai daga malamai, ta auna tsayin sakamakon da abin da makarantar ta saba ci a shekarun baya. An mutunta jerin, amma kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon da malamai suka ƙiyasta an sauke shi, kuma haziƙin yaro a makarantar da ba ta saba fice ba ya biya bashin waɗanda suka riga shi. An fitar da sakamakon ranar 13 ga Agusta, ranar 17 ga wata aka janye tsarin. A New South Wales kuwa, ma'aunin shi ne jarrabawar da yaran da kansu suka rubuta.

Don haka idan aka ce wa uba ko uwa an daidaita makin ɗansu, tambayoyi biyu ya kamata su yi. Shin matsayin da makaranta ta aika shi ne wanda yaron ya samu da aikinsa? Kuma da wane ma'auni aka ɗaga ko aka sauke ajin, da aikin waɗannan yaran ko da na wasu? Idan amsoshin biyu sun yi kyau, saukar 88 zuwa 76 ba zalunci ba ne, domin 76 ɗin ce za a iya ajiyewa kusa da makin yaron kowace makaranta a gwada su da gaskiya.