Kuskure Iri Ɗaya a Takardu Biyu: Satar Amsa Ce?

A hutun da ya wuce na taya wani malamin lissafi duba takardun jarrabawa. Tambayar ita ce 2(x + 3) = 14. Ɗalibai da dama sun rubuta 2x + 3 = 14. Malam bai ko ɗaga kai ba, domin mantawa da ninka 3 kuskure ne gama-gari.

Takardu biyu ne suka tsayar da shi. Dukansu sun rubuta 2x + 6 = 14, sai 2x = 20, sai kuma x = 4. Ku lura: rabin 20 ai 10 ne. Daga ina 4 ta fito, har a takardu biyu?

Da wuya wannan ya zama dace. Akwai inda ayyukan biyu suka haɗu. Amma bai nuna wanda ya kwafi wani ba. Mai yiwuwa an leƙa takardar ɗaya bai sani ba, ko kuma tare suka haddace amsar daga littafin da ke da kuskuren bugu.

Shi ya sa Malam bai yanke hukunci ba. Ya duba inda kowannensu ya zauna, sannan ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya warware 3(x + 2) = 21 a kan allo.